Daga Tamburawa zuwa randa: yadda ruwa ke isowa gidajen Kano, da yadda za ka auna kyansa da tsadarsa

Ruwan da ake sha a birnin Kano ta hanyoyi huɗu yake zuwa: famfon gwamnati, burtsatse ko rijiya, kurar 'yan garuwa da tankokin ruwa, sai ruwan leda. Mafi yawan gidaje ba hanya ɗaya suke bi ba, haɗawa suke yi gwargwadon abin da aka samu a ranar. Matsalar ita ce mutane da ido suke yanke wa ruwa hukunci, kuɗinsa kuma da jarka suke ƙirgawa, alhali ido ba ya ganin abin da ke kawo kwalara da taifot, jarka kuma ba girmanta ɗaya ba. Wanda ke son sanin abin da iyalinsa ke sha sai ya bi ruwan tun daga tushensa har cikin moɗa, domin kowane hannu da ya bi ta kansa yana ƙara masa kuɗi, kuma yana iya ƙara masa datti.

Ruwan famfo da abin da ke samunsa a hanya

Ruwan gwamnati a Kano na kogi ne. Madatsar Tiga da aka gina a zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974, ita ke riƙe ruwan Kogin Kano, madatsar Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Daga waɗannan ake sako ruwa ya gangaro zuwa matatun Challawa da Tamburawa. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne domin ta tace lita miliyan 150 a rana, ta Watari kuma lita miliyan 75. Wannan shi ne ƙarfinsu a takarda. Abin da suke fitarwa a zahiri ya danganta da wutar lantarki, da lafiyar injina, da samuwar magungunan tacewa.

Aikin matata ba shi da wuyar fahimta. Ana jawo ruwan kogi da launinsa na laka, a zuba masa alam ya dunƙule dattin, a bar shi ya kwanta a manyan kwatarniyoyin siminti, a tace shi ta cikin yashi, sannan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan injina su tura shi zuwa tankunan da ke kan tudu, irin na Goron Dutse da Magwan, ya riƙa gangarowa unguwanni da nauyinsa. Ana barin ɗan ragowar kulorin a cikin ruwan da gangan, tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, domin ya yi masa rakiya har gida. Saboda haka idan ka buɗe famfo ka ji ɗan ƙamshin magani, kada ka yi tsaki. Ruwan famfon da babu ko alamar wannan ƙamshi shi ya fi cancanci a yi masa kallon tuhuma.

Inda ake samun ɓarna shi ne bututu. Bututun da ruwa ke cike da shi kullum, ko ya tsage, waje yake fesowa, datti ba ya samun shiga. Amma idan ana kawo ruwa yau a ɗauke kwana uku, bututun ya zama fanko, duk inda ya tsage sai ya zuƙi abin da ke kewaye da shi. Ka duba lungunanmu ka ga inda ƙananan bututun roba ke bi: ta cikin kwata, ƙarƙashin kwalbati, gefen masai. Masu haɗa injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututun gwamnati suna ƙara dagula abin, domin zuƙar da injin ke yi tana jawo ruwan kwata ta kowace kafa, ta kuma hana maƙwabta samu. Don haka mataki na farko ga mai famfo shi ne ya bi bututunsa da ƙafa tun daga inda aka haɗo shi har cikin gida, ya ɗaga duk inda ya nutse a kwata. Na biyu, idan aka kawo ruwa bayan an jima ba a kawo ba, a tari na farkon a bokiti don wanke banɗaki ko yayyafa tsakar gida, sai ya washe sannan a cika abin sha.

Burtsatse: a nan ya kamata a daɗe ana tambaya

Tunda famfo bai kai ko'ina ba, burtsatse ne ke ɗauke da yawancin sababbin unguwanni, kuma daga gare shi 'yan garuwa da masu ruwan leda suke ɗiba. Wanda ya gane burtsatse ya gane rabin lamarin.

Ƙasan Kano dutse ne. Ba kamar Maiduguri ko Gumel ba, inda yashi mai kauri ke riƙe ruwa a shimfiɗe, a nan ruwan yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin dutse mai ƙarfi da ke ƙasa. Shi ya sa za ka ga gida biyu katanga ɗaya, wannan ya samu ruwa mai yawa, wancan ya haƙa ya tashi da ƙura. Ƙarin zurfi a irin wannan ƙasa ba lallai ya zama ƙarin ruwa ba. Idan ba a dace da tsaga ba, ko an ci gaba da nutsawa kuɗi kawai ake binnewa. Shi ya sa ake fara yin safiyo da na'urar da ke auna yadda ƙasa ke karɓar lantarki, a gano inda dutsen ya fi ruɓewa. Safiyo ba ya ba da tabbaci, amma yana rage caca sosai, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da asarar ramin da ba ruwa. Lokacin haƙa ma yana da tasiri. A haƙa da bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya iyakar ja. Burtsatsen da ya ba da ruwa a wannan lokaci zai ba da duk shekara, wanda aka haƙa da marka kuwa yana iya yaudarar mai shi.

Idan an gama haƙa ana zura bututun kesin, a sa mai tsaga-tsaga daidai inda ruwa ke shigowa, a zuba tsakuwa a kewaye. Sai wani mataki da masu haƙa da yawa ke tsallakewa idan mai gida bai sani ba: toshe saman ramin da kwaɓin siminti tsakanin kesin da ƙasa, kamar mita biyar zuwa shida daga sama. Wannan toshiyar ce ke hana ruwan sama da na kwata su silale ta jikin bututu su gauraya da na ƙasa. Burtsatsen da ba a yi masa ita ba, komai zurfinsa, yana shan abin da ke kwance a tsakar gida. Ka tsaya a kai ranar da za a yi, ka ƙirga buhunan simintin da idonka. Bayan nan a yi daɓe mai gangara a bakinsa, a ɗaga kan kesin sama da ƙasa, a rufe shi ruf.

Nisa da masai shi ne abin da ya fi wahala a cikin gari. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce mita 30 tsakanin tushen ruwa da shadda ko sokawe. A filin da bai wuce ƙafa hamsin da hamsin ba, wannan ba ya yiwuwa, kuma ba masanka kaɗai za ka lissafa ba, har da na maƙwabta ta kowace kusurwa. Ba wai a fasa haƙa ba ne, amma duk burtsatsen da ke cikin cunkoson gidaje a ɗauke shi a matsayin wanda sai an gwada kafin a sha. Masu zama kusa da masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai, ko gefen rafin Jakara da Getsi, suna da ƙarin dalili, saboda ruwan da ake zubarwa daga jima yana ɗauke da sinadarin kuromiyam.

Kafin ka sallami mai haƙa, ka sa a kunna sumo ya yi ta aiki awa huɗu zuwa shida ba tsayawa, kana auna ƙarfin ruwan. Awon ba ya buƙatar komai sai jarka da agogon waya. Idan jarka mai lita 25 ta cika a daƙiƙa 60, burtsatsen yana ba da lita 1,500 a awa. Ka sake aunawa bayan kowace awa. Idan lokacin cikar yana ƙaruwa, ko ruwan ya fara tsitsitowa da iska, to sumon ya fi ƙarfin ramin, kuma irin wannan ne ke ƙona sumo. Ƙaramin sumo da zai daɗe yana ja a hankali ya fi babba a ƙasa irin ta Kano. Idan kuma yashi ya ci gaba da kwantawa a ƙasan bokiti bayan awanni, an yi kuskure a tsakuwa ko kesin ya tsage, kuma wannan aikin mai haƙa ne ya gyara.

Kura da jarka

Ɗan garuwa ba shi da ruwa, ƙarfinsa yake sayarwa. Yana zuwa gidan ruwa, wato burtsatsen kasuwanci mai tanki da jerin kawunan famfo, ya bi layi, ya cika jarkokinsa goma ko sha biyu ko sha huɗu, ya turo kura. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka da Jamhuriyar Nijar, kuma sau da yawa kurar ma haya ce, kullum sai sun biya mai ita. Shi ya sa farashi ke tashi da bazara, lokacin da layi ya yi tsawo, da kuma duk sa'ad da man fetur ya hau ko wuta ta yi ƙaranci.

Tambayar farko da za ka yi masa ita ce, "Malam, daga ina kake ɗebowa?" Kada ka tsaya a amsar. Wata rana ka bi shi ka ga wurin. Ka duba ko tankin yana da murfi, ko akwai kwata kwance a gindin burtsatsen, ko tiyon da ake cika jarka da shi yana yashe a cikin caɓi tsakanin mai ɗiba da mai ɗiba. Wannan tiyo shi kaɗai ya isa ya ɓata ruwan da ya fito da kyau daga ƙasa.

Sai jarkar kanta. Yawanci tsofaffin jarkokin man gyaɗa ne, waɗannan ba laifi idan an wanke. Abin gudu shi ne wadda aka taɓa zuba sinadari ko man inji a ciki, kuma hanci yana kama ta. Ka karɓi guda ɗaya bayan an juye, ka haska fitilar waya ta bakinta. Idan ka ga kore-kore ko baƙi-baƙi a jikin bangonta, gansakuka ce, kuma ƙwayoyin cuta a cikinta suke fakewa. Ka lura da abin da ya toshe bakin: murfi ne, ko leda ce da aka tsinta aka cusa? Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce gida ya sayi jarkoki biyu ko uku nasa na kansa, masu murfi, ya yi musu alama, ya riƙa ba ɗan garuwa ɗaya amintacce yana ciko su don sha kawai. Wanke su kuma da tsakuwa ƙanana da ruwan omo ake yi, a girgiza sosai, a ɗauraye, a bi da ruwan kulorin.

Mai sayen tanka shi ma ya tambayi inda aka ɗebo, ya kuma san girman tankinsa, domin ya gane ko lita 10,000 da aka ce an kawo ta cika. Ruwan leda kuwa ruwan burtsatse ne da aka bi da shi ta matatai da fitilar kashe ƙwayoyin cuta, idan kamfanin na gaskiya ne. Ka duba lambar NAFDAC da adireshi da ranar da aka yi shi, a buge sarai ba a dishe ba. Lamba ana iya satarta, don haka kamfanin da ka san inda yake ya fi wanda ba ka taɓa jin sunansa ba. Jakar da ta kwana biyu a rana tana ɗanɗanon roba, a bar ta. Kuma tunda da haƙori ake ɓula leda, a ɗauraye bayanta tukuna, musamman wadda aka tsamo daga cikin ruwan ƙanƙarar da hannuwa da yawa suka shiga.

Abin da ido zai gani da wanda ba zai gani ba

Ka zuba ruwa a farin kofin gilashi ka ajiye shi ya kwana. Idan ya fito garau amma da safe ya yi ja-ja, ko yana bar wa farin kaya da tayil tabo ruwan ƙasa, ƙarfe ne ya yi yawa. Yana ɓata ɗanɗano da wanki, amma ba shi ne mai kwantar da mutum ba. Idan sabulu ba ya kumfa, buta kuma tana yin farin ɓawo a ciki, ruwan yana da zartsi, shi ma damuwarsa ta fi yawa a aljihu. Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce ruwan burtsatse ko rijiya ya gurɓace ko ya canja wari kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Wannan yana nufin ruwan saman ƙasa yana samun hanya zuwa ciki, kuma abin da ke cikin kwata yana biye da shi.

Ruwan da ya fi haɗari kuwa sau da yawa garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Ƙaramar na'urar nan ta TDS da masu tallan matatar ruwa ke tsomawa a kofi gishirin da ya narke kawai take aunawa. Ma'aunin Nijeriya ya sa iyakarsa a miligiram 500 a lita, amma ruwa yana iya nuna 80 alhali cike yake da ƙwayar kwalara. Gwajin gaske a ɗakin gwaji ake yi, na hukumar ruwa ko na jami'a. Ka karɓo kwalbarsu da aka tsarkake, ka bar famfo ya zuba minti biyu zuwa uku, ka cika ba tare da yatsa ya taɓa bakin ba, ka sa a cikin kula mai ƙanƙara, ka kai cikin awa shida. A takardar sakamako layi biyu za ka fara nema. E. coli, wato ƙwayar cutar da ke zama a hanji, dole ya zama sifili a mililita 100, domin ko ɗaya aka gani, shaida ce bayan gida ya taɓa ruwan. Sai sinadarin naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba. Yawansa a cikin gari yakan nuna masai na tsiyaya zuwa ruwan ƙasa, kuma yana da haɗari ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida idan da shi ake dama musu madara. Na kusa da masana'antu su nemi a ƙara gwajin kuromiyam da dalma. A yi gwajin da damina, lokacin da ruwan ya fi muni, kuma maƙwabtan da ke shan burtsatse ɗaya su haɗa kuɗin.

Idan ƙwayoyin cuta ne matsalar, maganin yana hannu. A tafasa har ya yi ta ɓulɓula na minti ɗaya, ko a sa kulorin na ruwa ko na ƙwaya daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a rufe, a jira minti 30. Ruwa mai laka sai an fara kwantar da shi da alam ko dakakken ƙwallon zogale an tsiyaye, domin laka tana cinye kulorin. Alam shi kaɗai ba ya sa ruwa ya zama na sha, haske kawai yake ba shi. Amma idan naitiret ne ko kuromiyam, tafasawa ba ta fitar da su, tana ma ƙara musu kauri saboda ruwan ke ƙonewa su zauna. A nan sai a canja ruwan sha, wancan a bar shi ga wanki.

Randa ita ce tasha ta ƙarshe, kuma a nan ruwa mai kyau ya fi lalacewa. Moɗar da yaro ya sha ya ajiye a ƙasa, wani ya ɗauka ya sake tsomawa har da yatsunsa, ta rushe duk wahalar da aka sha. A sa moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kawai, a rataye ta, ko a koma bokiti mai murfi da kan famfo. Tankin sama kuma a wanke shi duk bayan wata shida.

Lissafin kuɗi

Farashi yana canjawa daga unguwa zuwa unguwa, daga wata zuwa wata, don haka lambobin da ke tafe misali ne, ka sa naka a madadinsu. Dabarar ita ce a mayar da komai zuwa kuɗin lita ɗaya.

Mu ɗauki gida mai mutum takwas, kowa yana cin lita 25 a rana tsakanin sha da girki da wanka da wanki. Lita 200 ke nan, jarka takwas. A ce jarka naira 100 ce. Lita ɗaya ta kama naira 4, gidan yana kashe 800 a rana, 24,000 a wata. Amma ka fara auna jarkar, domin akwai mai lita 20 da ake sayarwa kuɗi ɗaya da mai 25, kuma da ita lita ta koma naira 5 ba tare da an ce maka an ƙara kuɗi ba. Jakar ruwan leda tana da guda 20 masu rabin lita, wato lita 10. Idan naira 400 ce, lita ta kama 40, ninki goma na ɗan garuwa. Tanka mai lita 10,000 a kan 25,000 kuwa naira 2 da rabi ce lita, ta fi araha, sai dai tana buƙatar wurin ajiya da kuɗi a dunƙule.

Yanzu dubi sha kaɗai. Mutum takwas, lita 2 kowa, lita 16 a rana. Da ruwan leda naira 640 ke nan, sama da 19,000 a wata. Da ruwan jarka da aka sa wa kulorin, naira 64 ne da ɗan kuɗin magani. A ganina wannan ne wurin da gida zai fi samun sauƙi: a ware jarkokin sha masu tsabta a riƙa yi musu magani, sauran ruwan aiki a saye shi yadda aka saba.

Idan kana son sanin ko ana tsawwala maka, ka lissafa daga wajen mai burtsatse. Wanda ke ba da lita 1,500 a awa yana cika jarka 60. Idan janareta ya sha lita ɗaya ta fetur a awar, a kan naira 900, kuɗin mai a kowace jarka 15 ne, kafin gyaran sumo da albashin mai tsaro. Ya sayar wa ɗan garuwa a 30, shi kuma ya kawo maka a 100. Ribarsa a kura mai jarka 12 ita ce 840, bayan ya tura kilo 300 a cikin rana, kuma daga ciki zai biya hayar kura. Kashi 70 cikin ɗari na abin da kake biya kuɗin ɗauko ne, shi ya sa duk abin da ya rage nisa, kamar jawo bututu daga gidan ruwa zuwa layinku, ya fi ciniki da ɗan garuwa rage tsada.

Haƙa naka fa? Gidan nan yana kashe kusan 292,000 a shekara. Idan burtsatse da sumo da tanki da sola suka ci miliyan 3, sai ya haura shekara goma kafin ya mayar da kuɗinsa, ban da gyare-gyare, kuma sumo ba ya yin shekara goma ba a taɓa shi ba. Idan gida biyar suka haɗu, shekara biyu da 'yan makonni ne. Haɗakar tana da wata fa'ida a ƙasa irin ta Kano: idan kowa ya haƙa nasa, ramuka biyar a layi ɗaya tsaga ɗaya suke zuƙa, da bazara duk su ja baya tare, kuma an sami wurare biyar da datti zai iya shiga. Kafin a kira mai haƙa, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa: a filin wa za a haƙa, nawa kowane gida zai riƙa zubawa a asusun gyara duk wata, wa zai riƙe mukulli, da abin da za a yi idan mai filin ya sayar da gidansa.